Darasi na Goma Sha Huɗu: Wasiƙar Neman Diyyar Jakar da Ta Ɓata a Jirgin Sama

A darussan baya mun rubuta wasiƙar gaisuwa da ta neman aiki. Ta yau wasiƙar kuɗi ce. Mutum ya sauka daga jirgi, an gama sauke kaya, kowa ya ɗauki nasa ya watse, shi kuwa jakarsa ba ta fito ba. Kwana ya yi kwana, mako ya wuce, shiru. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta wa kamfanin jirgin takarda, ya faɗi abin da ke cikin jakar da kuɗin kowane abu, ya nemi a biya shi.

Wanda zai karanta wannan wasiƙa bai san ka ba, bai taɓa ganin jakarka ba, kuma akwai irin wasiƙarka da yawa a gabansa. Ba zai biya ka don ka ba shi tausayi ba, ba kuma don ka yi masa faɗa ba. Abin da ka iya nunawa a rubuce shi zai biya. Saboda haka jerin kayan shi ne zuciyar wasiƙar, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Wata hajiya ce ta dawo daga Umara, daga Jidda zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ranar 4 ga Nuwamba 2025. Ta ba da akwati biyu a Jidda, ɗaya ya iso, ɗaya bai iso ba.

Takardun da wasiƙar za ta tsaya a kansu

Tun kafin a kai ga wasiƙa, akwai abin da ake yi a filin jirgi a ranar da aka sauka. Duk gajiyar da ka kwaso, kuma ko 'yan tarya sun ƙosa a waje, kada ka fita daga zauren ɗaukar kaya sai ka je teburin ƙorafin kaya na kamfanin jirgin an cika maka takardar rahoto. A kan takardar za ka ga an rubuta PIR. Ma'aikacin zai tambaye ka launin jakar da girmanta da irinta, ya shigar a kwamfuta, sannan ya ba ka lamba. Lambar tana da gurbi goma: haruffa uku na filin jirgin, haruffa biyu na kamfanin, sai alƙaluma biyar. Ta Kano tana farawa da KAN, don haka za ta yi kama da KANXX12345, inda XX ke tsaye a madadin haruffan kamfanin. Da wannan lamba ake neman jakar a tsarin da kamfanonin jirage da yawa suka yi tarayya a kai, mai suna WorldTracer.

Mutane da yawa suna tafiya gida da maganar baki kawai. Wani ma'aikaci ya ce musu, "Hajiya, ki je gida, gobe za ta zo a jirgin dare, za mu kira ki." Wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma in jakar ba ta zo ba, wannan magana ba ta da lamba, ba ta da kwanan wata, ba wanda zai tsaya a kanta. Ka karɓi alkawarin, ka kuma karɓi takardar.

Abu na biyu shi ne 'yar sitikar nan da ake manna maka a bayan katin shiga jirgi ko a bangon fasfo lokacin da aka auna kayanka. Kowace jaka da tata. Ita ce shaidar cewa kamfanin ya karɓi jakar daga hannunka. In akwati biyu ka bayar, ɗaya ya iso, ka duba lambar da ke rataye a hannun wanda ya iso, ka gane wace sitika ce ta wanda ya ɓata. Hajiyarmu ta yi haka, don in ta rubuta lambar akwatin da ya riga ya iso, kwamfuta za ta nuna an ba ta kayanta, maganar ta mutu tun ba a fara ba.

Ka haɗa waɗannan biyu da tikiti da katin shiga jirgi da duk rasit ɗin da ka samu, ka ɗauki hotonsu a waya, ka kuma yi kwafi. Na asalin su zauna a hannunka.

Abin da doka ta ba ka, da inda ta tsaya

Tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa tana ƙarƙashin wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Montreal na ƙasar Kanada a 1999. Najeriya tana ciki, Saudiyya ma tana ciki, kuma Najeriya ta shigar da ita cikin dokarta ta sufurin jiragen sama tun 2006. Tafiyar cikin gida, kamar Kano zuwa Legas, tana da tata iyakar diyya daban a dokar Najeriya, amma yadda ake rubuta wasiƙar duk ɗaya ne.

Yarjejeniyar ta ce in kamfani ya amsa cewa jakar ta ɓata, ko kuwa kwana 21 suka cika daga ranar da ya kamata ta iso ba ta iso ba, fasinja yana da ikon neman haƙƙinsa. Ga hajiyar da ta sauka 4 ga Nuwamba, kwana 21 suna cika ranar 25 ga Nuwamba. In kuma abin ya kai ga kotu, shekara biyu kawai ake da su daga ranar sauka. Bayan haka ƙofa ta rufe.

Sai iyakar diyya, wadda a nan ne mutane suka fi rikicewa. Ana lissafa ta da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda darajarsa ke bin dalar Amurka da yuro da yuwan na China da yen na Japan da fam na Ingila. Daga 28 ga Disamba 2024 iyakar ita ce SDR 1,519, wato wajen dala dubu biyu. Kafin nan 1,288 ce, shi ya sa za ka iya ganin wannan adadi a tsofaffin takardu.

Ka lura da abu biyu game da wannan iyaka. Na ɗaya, rufi ce, ba farashi ba. Ba a miƙa wa kowa dala dubu biyu don kawai jakarsa ta ɓata. In asararka ta dala ɗari biyar ce, ɗari biyar za ka nema, kuma sai ka nuna ta. In ta dala dubu huɗu ce, a rufin nan za a tsaya, sai dai in tun wajen ba da kaya ka bayyana cewa jakar tana da daraja ta musamman, ka biya ƙarin kuɗin da aka yanka maka. Na biyu, iyakar ta kowane fasinja ce, ba ta kowace jaka ba. Wanda jakunkunansa uku suka ɓata da wanda tasa ɗaya ta ɓata, rufinsu ɗaya.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, saboda al'adarmu ta sautu. Mai tafiya Makka ko Dubai ko Alƙahira ba kayansa kaɗai yake ɗaukowa ba. Maƙwabciya ta ba da kuɗin abaya, ƙanin miji ya ba da na jallabiya, wata ta ce a sayo mata turare. Kamfanin jirgi bai san da waɗannan mutane ba. Sunan da ke kan tikiti ya sani, shi zai biya, kuma cikin iyakar nan guda. Don haka kayan sautu suna shiga jerinka tare da naka, kai kuma ka ajiye wata takarda a gida da ke nuna na wane ne wanne, domin ranar da kuɗi suka fito a raba ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

Yadda ake rubuta jerin kaya

Kada ka jira kwana 21 kafin ka zauna rubutu. Ka rubuta jerin a daren da ka iso gida ko washegari, tun kana iya tuna abin da ka sa a ƙasa da abin da ka ɗora a sama. Kamfanoni da yawa da kansu suke neman jerin in an yi kamar kwana biyar ba a ga jakar ba, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Sau da yawa jaka tana ɓata ne don takardar da aka ɗaura mata ta tsinke a hanya. Tana nan ajiye a wani ɗaki a wani filin jirgi, ba suna, ba lamba. Ma'aikata za su buɗe ta, su rubuta abin da suka gani, sannan a gwada da jerin da fasinjoji suka aiko. Ke nan jerinka aiki biyu yake yi: yana taimakawa a gano jakar, in kuma ba a gano ba, shi ne ma'aunin diyyarka.

Saboda aikin farko, sai ka siffanta kaya yadda baƙo zai gane su. Wanda ya rubuta "kayan sawa da tsaraba" bai ce komai ba, domin kusan duk akwatin da ya taso daga Jidda haka yake. Amma wanda ya rubuta "baƙar abaya guda huɗu, biyu masu duwatsu a hannu" da "dardumar salla shida, huɗu kore, biyu ja" ya ba mai nema abin kamawa. In akwai wani abu da ba kowa ke da irinsa ba, ka sa shi a gaba: littafi mai sunanka a ciki, ledar wani shago, maganin asibiti mai ɗauke da suna, atamfar anko mai hoton wani biki. Irin wannan abu ko kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi abaya goma amfani wajen gano jaka. Haka ma jakar kanta. Masu ɗaukar jakar gana-mas-go su fi kowa ƙoƙari a nan, don dubbai ne iri ɗaya: a faɗi launin zanenta, da abin da aka rubuta a jikinta, da irin igiya ko salatif ɗin da aka naɗe ta da shi.

Saboda aiki na biyu, kowane layi yana buƙatar abu biyar: sunan kayan, yawansu, lokaci da wurin da aka saya, kuɗin da aka biya, da shaidar da kake da ita. Ka rubuta kuɗin da irin kuɗin da ka biya. Abin da ka saya da riyal ka bar shi a riyal, abin da ka saya da naira ka bar shi a naira. In ka juya komai zuwa naira da canjin kasuwar Wapa na ranar da ka rubuta, adadin ba zai yi daidai da na rasit ba, kuma ka buɗe ƙofar gardama kan canji.

Daga nan sai ka raba kayan gida biyu, sababbi da waɗanda aka yi amfani da su. Sabon kaya mai rasit ana neman cikakken kuɗinsa. Tsohon kaya kuwa kamfani zai rage masa daraja, domin ana biyan asarar da ka yi ne, kuma leshin da aka sa shekara biyu aka wanke sau da yawa bai kai kuɗin sabo ba. Yarjejeniyar ba ta yanke nawa za a rage ba, kowane kamfani da nasa lissafin. Shawarata ita ce ka rubuta adadi biyu, abin da ka saya da abin da kake ganin ya dace a yau, ka yi ragin da kanka bisa adalci. Mai duba takarda in ya ga ka rage wa tsohon akwatinka rabin kuɗinsa, ya fi yarda da sauran layukan. Kada kuma ka manta da kuɗin ɗinki. Atamfa a yadi da atamfa ɗinkakka ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma wanda ke zaune a ofis a wata ƙasa ba zai san haka ba sai ka faɗa masa.

To, ina wanda ba shi da rasit? A kasuwanninmu da shagunan da ke kewayen Harami ba kullum ake bayarwa ba. Rashinsa ba ya hana ka rubuta kayan. Ka nemi wata shaidar: saƙon banki na ranar da ka biya da kati ko ka tura kuɗi, hoton kayan da ka aika wa mai sautu a waya kana tambaya ko wannan launi ya yi, hoton biki da kake sanye da rigar, ko takarda daga telan da ya ɗinka. Inda babu ko ɗaya, ka rubuta "babu rasit" a fili. Kada ka je a rubuto maka rasit na ƙarya. Ban da haramcinsa, in aka gano layi ɗaya na ƙarya ne, sauran layukan na gaskiya sun shiga zargi.

Akwai wani gwaji da masu duba irin wannan takarda suke yi, kai ma ka yi shi kafin ka aika. An auna jakarka a ranar tafiya, nauyin yana cikin kwamfutarsu. In jakar kilo 23 ce, amma jerinka ya ƙunshi darduma ashirin da dabino kilo goma da abaya goma sha biyar, lissafi kaɗai ya isa ya ƙaryata ka. Ka kimanta nauyin kowane layi, ka haɗa da na akwatin kansa, wanda babba kan kai kilo huɗu ko biyar, ka ga ko jimillar ta zo kusa da abin da sikeli ya nuna.

Saura zinare da tsabar kuɗi da waya da fasfo. Kusan duk kamfanonin jirage sun rubuta a sharuɗɗan tikiti cewa kada a sa irin waɗannan a jakar da za a bayar, a riƙe su a hannu. Wasu suna ƙara abinci mai lalacewa da kayan fashewa. A tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar ta ce duk sharaɗin da ke neman sauke wa kamfani alhakin da ta ɗora masa ba shi da ƙarfi, saboda haka akwai abin faɗa in an ƙi biyanka. Sai dai kamfanin ma yana da ikon cewa sakacinka ya taimaka wajen asarar, kuma gardamar tana da tsawo. In da gaske zoben zinare yana cikin jakar, ka rubuta shi, ka haɗa rasit, ka shirya wa jayayya. A tafiya ta gaba kuma ya zauna a jakar hannu.

Wasiƙar hajiya

Ga yadda ta rubuta bayan kwana shida da sauka. Inda aka bar ɗigo-ɗigo, nan mai wasiƙa zai sa nasa bayanin.

Suna kamar yadda yake a fasfo: ……
Adireshi, lambar waya da imel: ……
10 ga Nuwamba 2025

Zuwa ga Manajan Sashen Kayan Fasinja,
Kamfanin jirgin sama na ……,
Ofishin Kano.

Ranka ya daɗe,

NEMAN DIYYAR AKWATIN DA BAI ISO BA, LAMBAR RAHOTO KANXX12345

Bayan gaisuwa, na taso daga Jidda zuwa Kano a jirginku mai lamba …… ranar 4 ga Nuwamba 2025. Lambar tikitina ita ce ……. Na ba da akwati biyu. Ɗaya ya iso, ɗayan mai lambar sitika XX482915 bai iso ba. Na kai rahoto a filin jirgin Kano a ranar, aka ba ni lambar da ke sama. Har yau ban samu akwatin ba.

Akwatin babba ne na roba mai tauri, shuɗi mai duhu, ƙafarsa huɗu, da jan ƙyalle ɗaure a hannunsa. Nauyinsa kilo 23 ne lokacin da aka auna. A aljihun murfinsa na ciki akwai ƙaramin littafin addu'o'i mai koren bango da sunana a shafin farko.

Sababbin kaya, waɗanda na saya a Makka da Madina a watan Oktoba 2025:

1. Baƙar abaya 4, biyu masu duwatsu a hannu, riyal 150 kowace, riyal 600. Akwai rasit.
2. Farar jallabiyar maza 3, riyal 90 kowace, riyal 270. Akwai rasit.
3. Dardumar salla 6, huɗu kore, biyu ja, riyal 35 kowace, riyal 210. Babu rasit, akwai hoto.
4. Turaren mai, ƙananan kwalabe 5, riyal 60 kowace, riyal 300. Akwai rasit.
5. Dabinon ajwa kilo 3 a kwali, riyal 80 kowane kilo, riyal 240. Akwai rasit.
6. Takalman yara ƙafa 4, riyal 45 kowace, riyal 180. Babu rasit.

Jimilla: riyal 1,800.

Kayan da na yi amfani da su, waɗanda na saya a Kano:

7. Atamfa ɗinkakka kala 3, shekara ɗaya, naira 120,000 haɗe da ɗinki. Ina neman naira 80,000. Akwai takardar tela.
8. Leshi ɗinkakke 1, ruwan toka, shekara biyu, naira 90,000. Ina neman naira 50,000. Akwai hoto.
9. Baƙin takalmin fata ƙafa 1, wata shida, naira 25,000. Ina neman naira 20,000. Akwai saƙon banki.
10. Akwatin kansa, shekara uku, naira 60,000. Ina neman naira 30,000. Babu rasit.

Jimilla: naira 180,000.

Ina roƙo a yi amfani da wannan jeri wajen ci gaba da neman akwatin. In har bai iso hannuna ba zuwa 25 ga Nuwamba 2025, ranar da kwana 21 ke cika, ina neman a ɗauki wannan wasiƙa a matsayin neman diyya bisa yarjejeniyar Montreal ta 1999, a biya ni riyal 1,800 da naira 180,000 ko kwatankwacinsu.

Na haɗa kwafin takardar rahoto, sitikar kaya, tikiti, katin shiga jirgi, shafin fasfo, rasit huɗu, takardar tela, saƙon banki da hotuna biyu. Ina roƙo a sanar da ni a rubuce cewa wasiƙar ta iso.

Na gode.

Ni ce,
…… (sa hannu da cikakken suna)

Ku dubi abin da babu a cikin wannan wasiƙa. Hajiya ba ta ba da labarin yadda jikokinta suka yi ta kuka don ba tsaraba ba, ko da yake sun yi. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ce ma'aikata ne suka sace ba, domin ba ta da shaidar haka. Ta sa lambar rahoto a kanun wasiƙar, inda ido zai fara sauka. Ta kuma faɗi adadin da take nema da ranar da take jira. Wasiƙar da ta ƙare da "a taimaka a duba min" ba ta ɗaure kowa ba.

Mu kuma gwada lissafinta da rufin da muka ambata. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala ɗaya, saboda haka riyal 1,800 dala 480 ne. Ko an ƙara naira 180,000 a kai, ba ta je kusa da dala dubu biyu ba. Ke nan iyakar ba ta dame ta ba. Abin da zai yanke mata hukunci shi ne shaidunta, kuma layukan da za a fi ja da ita a kansu su ne na 6 da na 10, marasa shaida ko ɗaya, sai na 5 in kamfanin ya ce dabino abinci ne.

Aikawa da abin da ke biyo baya

Ofisoshin kamfanonin jirage da Turanci ko Larabci ko Faransanci suke aiki. Duk da haka ka fara rubuta taka da Hausa, don kai kaɗai ka san abin da ke cikin jakar. Sannan ka samu wanda ka amince da shi ya fassara, ka zauna kusa da shi, ya karanta maka layi bayan layi kana duba alƙaluman. Kada ka bar shi ya ƙara "don a samu a rage". In kamfanin yana da nasa fom, a takarda ko a shafinsa na intanet, ka cika shi da bayanin nan ba tare da sauya ko adadi ɗaya ba, ka haɗa da wasiƙar.

Kamfanin jirgi ake rubuta wa, ba hukumar filin jirgi ba, ba kuma kamfanonin da ke loda kaya da saukewa ba, don su a madadin kamfanin jirgin suke aiki. In ka canza jirgi a hanya tsakanin kamfanoni biyu a kan tikiti ɗaya, ka fara da wanda ya sauke ka a ƙarshe. In ta hannu za ka kai, ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. In ta imel ce, ka adana saƙon. Alhazan da suka tafi ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha su kai wa hukumar kwafi.

Wani lokaci jakar takan iso bayan an aika wasiƙa. Ka buɗe ta a gaban wanda ya kawo. In ta fashe ko kayan ciki sun lalace, kwana bakwai kawai kake da su daga ranar da ka karɓa ka kai ƙorafi a rubuce. In kuwa asarar da jinkirin ya jawo maka kake nema, kamar tufafin da ka saya dole don jakarka ba ta iso Jidda tare da kai ba, kwana 21 ne daga ranar da aka ba ka ita, kuma rasit ɗin waɗannan sayayya su ne hujjarka.

In jakar ba ta zo ba, kamfani zai aiko da tayi, kuma sau da yawa ƙasa da abin da ka nema. Tare da tayin akwai takardar da za ka sa wa hannu cewa ka karɓa, magana ta ƙare. Kada ka sa hannu sai an karanta maka ita duka. Ka tambaya a rubuce wane layi aka rage, kuma don me. In an ce ana biya ne bisa nauyi, dala ashirin kowane kilo, ka sani wannan lissafin tsohuwar yarjejeniyar Warsaw ce ta 1929, ba ya aiki a tafiyar da ke ƙarƙashin ta Montreal. Da hajiya ta yarda da shi, dala 460 za a ba ta a kan kilo 23, abin da bai kai kuɗin sababbin kayanta kaɗai ba. In an ba ka takardar rangwamen tikiti a maimakon kuɗi, kana da ikon cewa kuɗi kake so. In kuma kamfani ya yi shiru ko ya ƙi, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, da jami'ai a manyan filayen jirgi. Ka kai musu kwafin wasiƙarka mai hatimi da amsar da aka ba ka.

Aikin yi

1. Wani ɗan kasuwa ya sauka Kano daga Alƙahira ranar 2 ga Maris, jakarsa ba ta iso ba. Wace rana kwana 21 za su cika?
2. Gyara wannan layi yadda zai cika sharuɗɗa biyar da muka faɗa: "Shadda da huluna masu tsada."
3. Kimanta nauyin kowane layi a jerin hajiya. Jimillar ta yi kusa da kilo 23?
4. Abaya biyu daga cikin huɗu sautun maƙwabciyarta ne. In kamfani ya biya kashi 80 cikin 100 na kuɗin sababbin kaya, riyal nawa ne rabon maƙwabciyar?
5. Ɗauki jakar da ka yi tafiya da ita kwanan nan, ko a mota ce. Rubuta jerin abin da ke ciki daga ka, ba tare da ka duba ba, sannan ka rubuta cikakkiyar wasiƙa a kai.

Ku zo da wasiƙunku darasi mai zuwa. Kowa zai ba na kusa da shi tasa, ya karanta ta a matsayin ma'aikacin kamfani, ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba zai yarda ya biya ba.